Linkin Biyan Kuɗi: Yadda Ake Haɗa Shi da Yadda Yake Isa Wayar Mai Saye

A kasuwar Kantin Kwari da ke Kano, ciniki da yawa yanzu yana faɗawa ne ba tare da mai saye ya taka ƙafa cikin kasuwar ba. Mai shago zai ɗauki hoton atamfa ko shadda ya ɗora a WhatsApp, wata daga Kaduna ko Abuja ta gani ta yi magana, a yi tayi, a daidaita. Har zuwa nan komai lafiya. Inda ake fara zaman ɗarɗar shi ne wajen biya. Mai saye ta turo hoton rasit ta ce ta tura kuɗi, mai shago ya duba waya bai ga alat ba, ga mota tana shirin tashi daga tasha, ga direba yana kira. Ya saki kaya ko ya jira? In ya saki, wataƙila rasit ɗin na bogi ne. In ya riƙe, wataƙila sabis ne ya riƙe alat ɗin, ya ɓata wa mutuniyar kirki rai a banza.

Wannan tsaka mai wuya ta ƙara fitowa fili a farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, kowa ya koma taransifa, har masu sayar da kayan miya. Tun daga lokacin 'yan kasuwa da dama suka fara neman hanyar da za su san an biya su ba tare da sun dogara da hoton da aka turo musu ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce linkin biyan kuɗi, wato ɗan gajeren adireshin intanet da mai kaya ke tura wa mai saye a cikin hira, shi kuma ya latsa ya biya.

Mene ne a cikin linkin?

Babu ko sisi a cikin linkin kansa, kuma ba ya taɓa asusun kowa. Adireshi ne kawai, kamar yadda ake kwatanta wa baƙo layi da lambar shago. Abin da yake nunawa shi ne wani shafi da ke ajiye a kwamfutocin kamfanin karɓar kuɗi, kuma a bayan shafin akwai rubutaccen bayani: sunan mai kaya, abin da ake saya, adadin kuɗi, da wata lamba ta musamman da ta bambanta wannan cinikin da kowane ciniki. Wanda ya saba da kasuwa zai gane shi da sauri idan ya tuna da littafin rasit mai lamba. Kowace takarda da lambarta, kuma kwafinta yana nan a hannun mai shago ko da ta hannun mai saye ta ɓata.

Kamfanonin da ke wannan aiki a Najeriya suna tsakanin ɗan kasuwa da bankuna ne, kuma suna aiki da lasisin Babban Bankin Najeriya. Akwai Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. Akwai Flutterwave da aka kafa a 2016, akwai Monnify na kamfanin Moniepoint, da wasunsu. Tsarin aikinsu ya yi kama da juna, sai dai sunayen maɓallai da kuɗin da suke cira su bambanta. Domin a bi ciniki guda daga farko har ƙarshe, misalin da ke tafe ya tsaya ne a kan Paystack.

Ciniki guda, daga tayi zuwa linki

A ɗauki misalin wani mai shagon atamfa a Kwari. Wata Hajiya daga Kaduna ta zaɓi turmi biyu, an daidaita a kan naira 18,000 kowanne, wato 36,000. Kuɗin kai kaya tasha da na direba 4,000. Jimla naira 40,000.

Kafin ya iya tura mata linki, sai da ya riga ya buɗe asusun kasuwanci a kamfanin, kuma wannan aiki ne na sau ɗaya. Kamfanin zai nemi sanin ko shi wane ne: sunansa, katin shaida, lambar BVN mai lambobi 11, da lambar asusun banki mai lambobi 10 inda za a riƙa zuba masa kuɗi. Wanda bai yi wa kasuwancinsa rajista ba yana iya farawa a ƙaramin mataki, amma akwai iyakar kuɗin da zai karɓa. Idan yana son a ɗage iyakar sai ya kawo takardun rajista na Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wadda aka fi sani da CAC. Wuri ɗaya da yake hana mutane wucewa a nan shi ne saɓanin suna. Sunan da ke kan BVN dabam, na katin shaida dabam, ko an sa sunan kaka a ɗaya an bar shi a ɗaya. Gara a gyara wannan tun da wuri, a daidaita sunayen kafin kuɗin mutane su fara shigowa.

Da an amince da asusun, sauran aikin bai wuce na minti biyu ko uku ba. Mai shagon zai shiga shafinsa na kamfanin, ya je sashen da aka rubuta Payment Pages, ya zaɓi buɗe sabon shafi na biya sau ɗaya. Zai rubuta suna, misali "Atamfa turmi 2, oda ta 457". Zai ƙara ɗan bayani: launi, da cewa kuɗin mota yana ciki. Sai wurin adadi, kuma a nan akwai zaɓi mai muhimmanci. Yana iya ƙayyade kuɗin a 40,000 yadda mai saye ba za ta iya canzawa ba, ko ya bar wurin a buɗe ta rubuta da kanta. Barin wurin a buɗe ya dace da gudummawar masallaci ko ta ƙungiya, inda kowa ke ba da abin da ya sawwaƙa. A ciniki kuwa ƙayyadewa ita ce daidai, domin ita ke hana a rubuta 4,000 a maimakon 40,000, da kuskure ko da gangan. Yana kuma iya sa shafin ya nemi lambar wayar mai saye da garin da za a kai kaya. Ya latsa maɓallin kammalawa, sai adireshi ya fito, ya kwafe shi.

Linki mai maimaituwa da linki na mutum ɗaya

Irin wannan shafi yana da wata ɗabi'a da sabon shiga ba ya lura da ita: ba ya rufe kansa bayan an biya. Duk wanda linkin ya je hannunsa zai iya biya, kuma mutum ɗaya zai iya biya sau biyu. Wannan alheri ne ga mai sayar da kaya iri ɗaya a farashi ɗaya, kamar mai turaren wuta da ke sayar da kwalba a naira 5,000. Linki guda ya ishe ta, ta ajiye shi ta yi ta tura wa duk wanda ya tambaya. Amma ga mai shagonmu da ya rage turmi biyu kacal na wannan zanen, idan Hajiya ta tura wa ƙawarta linkin ita ma ta biya, ya karɓi kuɗin kayan da ba shi da su.

Maganin abin biyu ne. Ko dai ya rufe shafin da hannunsa da zarar kuɗi sun shigo, ko kuma tun farko ya yi amfani da takardar neman biya, wadda ake samu a sashen Invoices. Ita wannan da sunan mutum ɗaya ake fitar da ita, da jerin kayansa da ranar da ake son ya biya, kuma da ya biya za ta nuna an biya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: farashi ɗaya ga kowa, shafi mai maimaituwa, ciniki na musamman da aka yi tayi aka daidaita, linki na mutum ɗaya.

Idan manhaja ce ke haɗa linkin

Manyan shaguna da ke karɓar oda ɗari a rana ba sa zama su cike fom ɗaya bayan ɗaya. Suna sa mai rubuta manhaja ya haɗa kwamfutarsu da ta kamfanin, yadda duk lokacin da aka kammala oda, kwamfutar shago za ta aika buƙata da kanta. Ga yadda buƙatar odar Hajiya za ta kasance:

```
curl https://api.paystack.co/transaction/initialize \
  -H "Authorization: Bearer sk_test_xxxx" \
  -H "Content-Type: application/json" \
  -d '{"email":"hajiya@example.com","amount":"4000000","reference":"ODA-0457"}'
```

Ko wanda bai san harkar kwamfuta ba zai iya karanta abubuwa uku a ciki: adireshin imel na mai saye, adadin kuɗi, da lambar cinikin, ODA-0457. A dubi adadin da kyau. An rubuta 4000000, alhali ciniki na naira 40,000 ne. Dalili shi ne ana lissafin da kwabo, kuma kwabo 100 ke naira ɗaya. Wanda ya manta ya rubuta 40000, shafin zai nemi Hajiya ta biya naira 400 kawai, ta biya, kwamfuta ta ce an biya daidai, turmi biyu su tafi a kuɗin da ba su kai na ɗan dako ba. Wannan kuskure ne da masu koyon aikin ke yawan faɗawa, shi ya sa ake fara gwadawa da mabuɗin gwaji mai farawa da `sk_test_`, wanda ba ya taɓa kuɗin gaske. Mabuɗin aiki na ainihi yana farawa da `sk_live_`, kuma shi kamar makullin shago yake. Ba a tura shi a hira, ba a ba wa yaron shago, ba a ɗaukar hotonsa.

Cikin daƙiƙa guda kamfanin zai amsa da adireshi mai farawa da `https://checkout.paystack.com/` sannan wasu haruffa da lambobi su biyo baya. Shi ne linkin. Idan aka sake aika buƙata da lambar ODA-0457, kamfanin ba zai karɓa ba, domin lamba ɗaya ba ta zama ta ciniki biyu.

Saƙon da ke ɗauke da linkin

Yanzu linki yana hannu, saura turawa. WhatsApp a nan ɗan aike ne kawai. Ba ya karɓar kuɗin, ba ya ganin katin kowa, abin da ya sani shi ne an ba shi rubutu ya kai. A wasu ƙasashe kamar Indiya da Brazil an haɗa hanyar biya a cikin manhajar kanta, amma a misalinmu duk biyan yana faruwa ne a waje, a shafin kamfanin. Shi ya sa linki ɗaya zai yi aiki ko ta Telegram aka tura shi, ko ta Instagram, ko ta saƙon tes.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jefa linki shi kaɗai ba ko sallama. Mutane sun sha ji ana yi musu gargaɗi kada su latsa duk abin da aka turo, kuma gargaɗin gaskiya ne. Saboda haka saƙo mai kyau yana faɗin komai kafin a latsa, domin mai saye ta gwada abin da aka faɗa mata da abin da za ta gani a shafin. Mai shagon zai iya rubuta:

"Salamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Ga linkin biyan kayanki: atamfa turmi biyu 36,000, kuɗin mota 4,000, jimla naira 40,000. Lambar odarki 457. In kin latsa za ki ga sunan shagonmu da wannan adadin a sama. In kin ga wani abu dabam kada ki biya, ki kira ni. Motar Kaduna ƙarfe huɗu za ta tashi in sha Allahu."

Sai ya liƙa linkin a layinsa shi kaɗai, ba tare da manna masa aya ko wata kalma ba, domin harafi ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu yana iya kai mai saye shafin da babu komai. Idan ya ɗan jira kafin ya aika, sau da yawa WhatsApp yana ɗauko sunan shafin ya nuna a saman saƙon, wanda ke ƙara wa mai saye natsuwa.

Akwai kuma dabarar da ke buɗe hira da saƙo a rubuce, ko da ba a ajiye lambar mutum a waya ba:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ga%20linkin%20biyan%20odarki
```

Ana rubuta lambar da 234 a gaba, a cire sifirin farko, ba a sa alamar tarawa. Alamar `%20` tana tsayawa ne a madadin tazarar da ke tsakanin kalmomi. Wannan ba ya aika saƙon da kansa, yana shirya shi ne kawai, sai mutum ya latsa aikawa. Kamfanonin da kwamfuta ke aika musu saƙo kai tsaye ta tsarin WhatsApp na manyan 'yan kasuwa suna da wata ƙa'ida a kansu. Cikin awa 24 daga saƙon ƙarshe da kwastoma ya turo, suna iya ba shi amsa yadda suke so. Bayan haka sai da samfurin saƙo wanda kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya riga ya amince da shi. Ƙaramin ɗan kasuwa da ke rubutu da hannunsa wannan ƙa'ida ba ta shafe shi ba.

Abin da Hajiya za ta gani

Da ta latsa, wayarta za ta buɗe shafi mai ɗauke da sunan shago da naira 40,000. Za a ba ta zaɓi, gwargwadon hanyoyin da mai shagon ya kunna.

Idan kati ta zaɓa, Verve ko Mastercard ko Visa, za ta rubuta lambar da ke jikinsa, da watan da shekarar ƙarewarsa, da lambobi uku na bayansa. Daga nan za a iya neman lambar sirrinta, sannan bankinta ya turo mata wata lamba ta amfani sau ɗaya, wadda ake kira OTP, ta shigar a shafin. Mai shago ba ya ganin cikakkiyar lambar katin, ko lambobi uku na bayansa, ko lambar sirri, ko OTP. Abin da ke isa gare shi ya haɗa da irin katin da lambobinsa na ƙarshe da sakamakon biyan.

Idan taransifa ta fi so, kamar yadda mutane da yawa suka fi natsuwa da ita, shafin zai nuna mata wata lambar asusu da aka ware wa wannan cinikin na ɗan ƙayyadadden lokaci. Za ta koma manhajar bankinta ta tura. Abu biyu ne ake kiyayewa: ta tura daidai adadin da aka nuna ba ragi ba ƙari, kuma kada ta ajiye lambar don gobe. Lambar aro ce, da wa'adinta ya cika ta daina aiki ga wannan cinikin. Wanda ya sake tura kuɗi cikinta bayan mako guda ya jawo wa kansa zirga-zirgar neman a mayar masa. Amfanin wannan lamba ta aro shi ne, duk kuɗin da suka faɗa cikinta an san na oda ta 457 ne, ko da daga asusun mijin Hajiya aka turo su ko daga wajen mai POS na bakin layi. Wanda ya taɓa zama da dare yana neman wane ne ya turo 40,000 da wani suna da bai sani ba, ya san darajar wannan.

Hanya ta uku ita ce lambobin da ake dannawa a waya, irin `*737#` na bankin GTBank. Shafin zai ba da cikakkiyar lambar da za a danna daga layin da ke haɗe da asusun.

Yadda mai kaya ke sanin an biya

A nan ne linkin ya raba gardamar da aka faro da ita. Da bankin Hajiya ya amince, bayanin oda ta 457 a shafin mai shago zai canza ya nuna an biya, da adadi da lokaci, kuma a aiko masa da sanarwa ta imel. Idan manhaja ce ke aikin, kamfanin zai aika wa kwamfutar shago saƙo mai suna `charge.success`, ita kuma ta sake tambayar kamfanin da lambar cinikin don tabbatarwa, ta duba ko adadin ya yi daidai da wanda ake bi.

Sakamako uku aka fi gani. Akwai `success`, an biya. Akwai `failed`, an gwada banki ya ƙi, wataƙila kuɗin asusun ba su kai ba, ko an yi kuskuren lambar sirri, ko an wuce iyakar abin da katin ke iya biya a rana. Akwai kuma `abandoned`, wato an buɗe shafin an fita ba a kammala ba. Na farkon kaɗai ke sa a ɗaure kaya a kai tasha. Hoton rasit, komai kyansa, daga wayar wani ya fito, kuma akwai manhajojin da ke ƙirƙirar irinsa cikin minti ɗaya. Bayanin da ke shafin mai shago kuwa mai saye ba shi da hanyar taɓa shi.

Wani lokaci gaskiya ce ta haɗu da gaskiya: an ciri kuɗi a asusun Hajiya, amma shafin mai shago bai nuna an biya ba. Yakan faru idan saƙo ya yanke tsakanin banki da kamfanin. Abin yi shi ne kada ta sake biya nan take. A ɗan jira a sake dubawa. In biyan ya faɗi ne, bankinta ne zai mayar mata da kuɗinta, idan kuma ya yi jinkiri ta kai ƙorafi da ranar da adadin da lambar cinikin. Mai shago ya yi mata bayani da girmamawa, ya ajiye mata kayan, amma ya jira tabbaci kafin ya saki.

Nawa ake cira, yaushe kuɗi ke shiga?

Aikin ba kyauta ba ne. A jadawalin da Paystack ya daɗe yana amfani da shi ga biyan cikin gida, ana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100. Ana yafe naira 100 ɗin idan ciniki bai kai 2,500 ba, kuma duk girman ciniki abin da za a cira ba ya wuce naira 2,000. A odar Hajiya, kashi 1.5 na 40,000 shi ne 600, a ƙara 100 ya zama 700. Abin da zai shiga asusun mai shago naira 39,300 ne.

Idan yana son 40,000 cif su shigo, ƙara 700 a kan farashi ba zai isa ba, domin za a ciri kason ne daga sabon adadin. Lissafin daidai shi ne ya haɗa 40,000 da 100, ya raba da 0.985, wanda ke ba da kusan naira 40,711. Ko zai ɗauki nauyin da kansa ko zai ɗora wa mai saye, wannan shawararsa ce, amma in zai ɗora ya faɗa tun wajen tayi. Hajiyar da aka ce wa 40,000 ta buɗe shafi ta ga 40,711 tana da hujjar rufe shafin. Kamfanoni kan sauya farashinsu, don haka ya dace a duba jadawalin da ke aiki a ranar da za a yi lissafi.

Sai batun lokaci. Taransifa kai tsaye zuwa asusu tana shiga nan take, amma kuɗin linki sukan fara sauka a wurin kamfanin, a tara na yini, a zuba wa ɗan kasuwa a ranar aiki ta gaba. Abin da aka biya ranar Talata yana shiga Laraba, na Juma'a kuwa yana iya kaiwa Litinin. Mai ƙaramin jari da ke son ya juya kuɗin ya saro wasu kaya a yinin dole ya sa wannan a lissafinsa. Saboda haka ne wasu ke barin linki ga sababbin kwastomomi da na nesa, su ci gaba da karɓar taransifa daga waɗanda suka daɗe da sani.

Inda 'yan damfara ke shigowa

Sauƙin da ke cikin linki shi ne kuma ƙofar da mugu ke nema. Yana iya ƙera shafi mai kama da na gaske, da launi da tambari, ya tura wa mutum domin ya kwashe lambobin katinsa. Abin da ba zai iya kwaikwaya ba shi ne ainihin adireshin. A duba sunan da ke daf da karan tsaye mai karkata na farko bayan `https://`, a karanta shi daga ƙarshe. A `checkout.paystack.com/` ƙarshen sunan shi ne paystack.com. A `paystack.com.karbi-kudi.example/` kuwa, sunan kamfanin ado ne kawai aka yi da shi a gaba, mai shafin wani ne dabam. Ɗan hoton kwaɗo da wasu wayoyi ke nunawa a gefen adireshi yana nufin hanyar a rufe take daga masu leƙe, bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Kamfani ɗaya yana iya mallakar adireshi fiye da ɗaya, shi ya sa yana da kyau mai kaya ya san yadda nasa linkin ke farawa, ya kuma sanar da kwastomominsa.

Alamu biyu ba sa ƙarya. Duk wanda ya ce a turo masa OTP ko lambar sirri a cikin hira ko a waya, ɓarawo ne, ko da ya ce daga banki yake. Kuma duk linkin da aka ce a latsa a sa kati domin a karɓi kuɗi, tarko ne, domin wanda za a biya lambar asusu kawai yake bayarwa.

Akwai kuma sace asusun WhatsApp, wanda ya yi yawa a ƙungiyoyin hira. Idan aka ƙwace lambar mai shago, ɓarawon zai ci gaba da hira da kwastomomi da sunansa da hotonsa, ya tura musu nasa linkin. Kariyar mai shago ita ce ya kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, wanda ke neman lambar sirri mai lambobi shida, kuma kada ya karanta wa kowa lambar da ta shigo masa ta tes. Kariyar mai saye ita ce ta duba sunan da shafin biya ya nuna, in ciniki babba ne ta kira ta ji murya. Ya kamata kuma ta san cewa linki na gaske yana tabbatar da inda kuɗinta suka tafi ne kawai. Ko kayan za su iso, kuma ko su ne waɗanda ta gani a hoto, wannan yana ga amanar mai kaya.

Shi ma mai kaya yana da nasa haɗarin bayan an biya. Mai kati yana da damar zuwa bankinsa ya ce bai san da wannan biyan ba, ko kaya ba su iso ba, kuma idan ɗan kasuwa bai kawo hujja cikin wa'adin da aka ba shi ba, za a cire kuɗin daga wurinsa. Hujjar ita ce abin da ya ajiye: hirar da aka yi tayi, hoton kunshin da lambar oda a jiki, lambar direba, da saƙon da mai saye ta ce kaya sun iso. Idan kuma mayar da kuɗi ta kama, ya mayar ta cikin shafin kamfanin domin su koma inda suka fito. Wanda ya biya da kati sannan ya ce a mayar masa cikin wani asusu dabam, akwai yiwuwar katin ba nasa ba ne.

A odar Hajiya dai, ƙarfe uku da rabi shafin mai shago ya nuna an biya naira 40,000 a kan lamba 457. Ya rubuta lambar a jikin leda da alƙalami, ya ɗauki hoto ya tura mata tare da lambar direba, ya rufe shafin biyan. "Allah ya sa albarka, Alhaji," ta rubuto. Washegari, kasancewar ranar aiki ce, naira 39,300 suka shiga asusunsa.